Sunan da Ka Rubuta wa Na'ura Zai Iya Kai Ka Gaban Alƙali

A shekarar 1999 wani gidan rediyo a Landan mai suna Talk Radio ya aika wa kusan mutum dubu ɗaya, waɗanda ke da ta-cewa wajen ba da talla a kamfanoninsu, wata 'yar takardar neman kasuwa. A bangon takardar akwai hoton Eddie Irvine, direban tseren motoci na kamfanin Ferrari, wanda a shekarar ya zo na biyu a gasar duniya. Hoton na gaske ne, an kuma biya kuɗinsa wurin kamfanin da ya mallake shi. Abu ɗaya kawai aka taɓa. A hoton asali wayar hannu ce a kunnen Irvine, sai aka goge wayar aka maye gurbinta da wata 'yar ƙaramar rediyo mai ɗauke da sunan gidan. Babu inda aka rubuta cewa Irvine yana sauraren tashar, babu kuma inda aka sa masa magana a baki.

Irvine ya kai ƙara, a 2002 kuma Mai Shari'a Laddie ya ba shi gaskiya. Abu biyu alƙalin ya duba. Na farko, ko a lokacin da aka fitar da tallar mutumin yana da suna da farin jinin da ake biyan kuɗi a kansu. Na biyu, ko tallar ta sa wani kaso mai kauri na waɗanda suka gan ta sun ɗauka da yardarsa aka yi. Duka biyun sun tabbata. Da farko fam 2,000 aka yanke masa diyya, amma kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita fam 25,000, don shi ne mafi ƙarancin abin da Irvine zai karɓa da an zo masa ta ƙofa an nemi ya yi tallar.

Aikin da a wancan lokaci sai an nemo gwanin gyaran hoto, yau yaron shago zai yi shi a wayarsa kafin shayinsa ya huce. Manhajojin ƙirƙirar hoto irin su Midjourney, Stable Diffusion da Adobe Firefly rubutu suke karɓa su mayar da shi hoto: ka rubuta abin da kake son gani, su zana maka. Hanya mafi sauƙi ta samun hoto mai ɗaukar ido kuwa ita ce a ambaci suna. Na'urar ta ga dubban hotunan fitaccen ɗan ƙwallo ko na wani takalmi mai tsada a lokacin da ake horar da ita, don haka kalma ɗaya tak za ta ba ka fuska, da shiga, da haske, abin da sai ka yi layi biyar kana kwatantawa. Idan don nishaɗi ka yi hoton ka ajiye a wayarka, da wuya wani ya bi ta kanka. Amma ranar da ka sa kuɗi ka tallata shi a Facebook ko Instagram, ko ka buga shi a allon talla a bakin titi, kai da gidan rediyon nan na Landan kun zama ɗaya a idon doka.

Gara mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ƙaddara wata mata ce a Kano mai ɗan kamfanin zoɓo na kwalba, ta yi rajista, tana son talla kafin azumi. Ta ba wani matashi mai zanen talla aikin, shi kuma ya zauna ya rubuta wa manhaja wannan umarni:

```
Ahmed Musa smiling, wearing an Adidas tracksuit, holding a
Coca-Cola style glass bottle of red hibiscus drink, stadium at night,
advertising photo
```

Hoto ya fito tsaf, aka ɗora sunan zoɓon a ƙasa da lambar waya, aka biya kuɗin talla na mako biyu. A cikin layi ukun nan akwai masu haƙƙi uku, kowanne da irin dokar da ta tsaya masa, kuma ƙarfin ƙararsu ba ɗaya ba ne.

Fuskar ita ce babbar magana. Ahmed Musa ya riƙe kyaftin ɗin Super Eagles, ya buga wa Kano Pillars, da wuya a sami wanda bai san fuskarsa ba a Arewa. Duk wanda ya ga hoton nan abin da zai zo masa shi ne kamfanin zoɓon ya ɗauke shi jakada. Wannan zaton shi ne ainihin abin da kamfanoni ke biyan miliyoyi su saya, matar nan kuwa ta same shi kyauta. Najeriya ba ta da wata doka guda da aka keɓe don kare fuska da sunan mutum daga masu talla, shi ya sa wasu ke ɗauka fili ne ba mai shi. Akwai mai shi. Tsohuwar ƙa'idar hana sojan gona a kasuwanci, wadda muka gada daga dokar Ingila, tana aiki a kotunanmu tun da daɗewa: a 1961 kotu ta hana wani kantin magani a Onitsha amfani da sunan Nigeria Chemists saboda ya yi kusa da Niger Chemists da ya riga shi. Da wannan ƙa'idar ce Irvine ya ci nasara. Ba dole ba ne alƙalin Najeriya ya bi hukuncin da aka yanke a Ingila a wannan zamani, amma yakan jingina da shi, kuma lauyan ɗan ƙwallo da shi zai fara buɗe baki. Ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda za ta shigo idan mai zanen ya loda ainihin hoton mutumin a manhaja don fuskar ta fito daidai, domin hoton mutum yana cikin bayanansa da ba a sarrafa su sai da hujja.

Loda hoton yana jawo mai haƙƙi na huɗu, wato wanda ya ɗauki hoton. Mutane da yawa suna haɗa abubuwan nan biyu, alhali kowanne da nasa. Hoton mallakar mai kyamara ne ko kamfaninsa, darajar fuskar da ke cikin hoton kuma ta mai fuskar ce. Kantin Topshop na Birtaniya ya koyi wannan da tsada. Ya sayi izinin wani hoton mawaƙiya Rihanna daga hannun wanda ya ɗauka, ya buga shi a riga yana sayarwa, amma a 2013 kotu ta ce masu saye za su ɗauka da yawunta aka yi rigar, a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Izinin mai hoto bai wanke su daga haƙƙin mai fuska ba.

To yaya ake lissafin diyya? Nan ne ƙananan 'yan kasuwa ke yin kuskuren auna haɗarin da girman ribarsu. Matar nan za ta ce ai zoɓon da na sayar a mako biyun bai kai komai ba. Kotu kuwa takan tambayi abin da mai fuskar zai caja da an nemi izininsa. A 2009 wani rukunin kantunan cefane a Chicago mai suna Dominick's ya buga talla a wata mujallar wasanni yana taya Michael Jordan murnar karramawar da aka yi masa, da sunansa da lambar rigarsa 23, a ƙasa kuma aka sa takardar rangwamen dala 2 a kan nama. Mutum biyu kacal aka samu sun yi amfani da takardar. A 2015 aka yanke wa kamfanin dala miliyan 8.9, bayan ɓangaren Jordan ya kawo shaidar cewa ba ya shiga yarjejeniyar talla da ta gaza dala miliyan 10. Babu kotun Najeriya da za ta ɗora wa mai zoɓo irin wannan adadi, amma ma'aunin shi ne abin lura: farashin tauraron ake dubawa, ba cinikin mai talla kaɗai ba.

Idan an cire sunan fa?

Dabarar da kowa ke fara kawowa ke nan. Kada a rubuta sunan kai tsaye, a ce wani mai kama da shi, ko a bar fuskar ta ɗan bambanta, a sa masa riga kore da lambar da aka san shi da ita. A ganina wannan dabarar ta fi ta farko muni, kuma an gwada ta tun kafin a haifi yawancin masu zanen yau.

A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Samsung ya fitar da wata talla a Amurka mai nuna mutum-mutumin ƙarfe sanye da gashin kanti mai ruwan zinare, da doguwar riga, da sarƙoƙi, yana tsaye kusa da allon haruffa irin na shirin talabijin na Wheel of Fortune. Babu fuskar mutum, babu suna. Amma duk Ba'amurke ya san wadda ke tsayawa kusa da allon nan tana juya haruffa ita ce Vanna White. Ta kai ƙara, a 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce abin dubawa shi ne ko an ɗauki abin da ake gane mutum da shi, ta kowace hanya aka bi. Daga baya aka ba ta dala 403,000. Akwai wani ɗan bayani a hukuncin da ya kamata duk mai rubuta wa na'ura umarni ya riƙe: alƙalan sun lura cewa su kansu waɗanda suka shirya tallar, a tsakaninsu da sunan Vanna White suke kiranta.

Haka ta faru da mawaƙiya Bette Midler. Kamfanin da ke shirya wa Ford talla ya nemi ta rera wata waƙarta, manajanta ya ce a'a, sai suka ɗauko ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan amshinta suka ce ta kwaikwayi muryar iyakar iyawarta. Wannan umarnin ya fito a kotu, a 1988 aka ce Midler tana da ƙara, daga baya aka yanke mata dala 400,000.

A waɗancan shari'o'i sai da lauyoyi suka yi ta tono kafin su gano abin da aka faɗa a ofis. Yau niyyar a rubuce take, da kwanan wata da lokaci. Umarnin da mai zanen ya buga yana nan a tarihin asusunsa. A Midjourney, sai dai in mutum yana kan tsari mai tsada da ke ba da damar ɓoyewa, hotunan da ya ƙirƙira da umarninsu a buɗe suke ga sauran masu amfani da dandalin. Wasu manhajojin da ake tafiyar da Stable Diffusion da su kuma suna cusa umarnin gaba ɗaya a cikin fayil ɗin hoton, ta yadda wanda aka tura wa ainihin fayil ɗin zai iya buɗewa ya karanta. Ƙara da saƙonnin WhatsApp tsakanin mai kaya da mai zane, inda aka ce a yi shi ya yi kama da wane. Rubuta suna a akwatin umarni, shi kaɗai, ba shi ake kai mutum ƙara a kansa ba. Hoton da ya fita duniya shi ne laifin. Amma rubutun shi ke rufe ƙofar cewa kamar ta zo ne bisa tsautsayi, kuma a kotuna da yawa wanda aka tabbatar da gangan ya yi, hukuncinsa ya fi nauyi.

Kwalbar da ratsin

Mu koma kan hoton zoɓo. Cikin sunayen kamfani biyun da aka ambata, kwalbar ta fi haɗari, ko da yake babu rubutun Coca-Cola a jikinta. Siffar kwalbar nan mai ƙugu da tsagi-tsagi an zana ta ne a 1915 a wani kamfanin gilashi da ke jihar Indiana, da nufin a gane ta ko a cikin duhu aka taɓa, kuma ita kanta siffar alamar kasuwanci ce mai rajista a ƙasashe da dama. A Najeriya, gyaran da aka yi wa dokar alamun kasuwanci a 2023 ya shigar da siffar kaya da mazubinsu cikin abin da ake ƙirgawa alama. Ana yi wa alamomi rajista ne aji-aji, aji 45 ne duka, abin sha marar sa maye kuma yana aji na 32. Zoɓo da lemon kwalba a aji ɗaya suke, a firiji ɗaya ake ajiye su, mutum ɗaya ke saye. Nan ne dokar ta fi cizo, domin tambayarta ita ce ko mai saye zai ruɗe ya zaci kayan nan daga wancan kamfani suka fito ko da hannunsa a ciki. Ga kuma wata matsala ta daban: in zoɓon a robar leda ko gora ake sayar da shi, tallar kuma ta nuna shi a kwalbar gilashi mai ƙayatarwa, an nuna wa mai saye abin da ba shi zai samu ba, dokar kare masu sayen kaya ta 2018 kuwa ta hana haka.

Ratsi ukun Adidas a hannun riga maganarsu ta fi sauƙi kaɗan. Matar ba tufafi take sayarwa ba, dokar Najeriya kuma tana ba mai alama kariya ne musamman a kan irin kayan da ya yi wa rajista. Don haka ƙarar keta alama kai tsaye ba za ta zo da sauƙi ba. Abin da zai rage shi ne zargin cewa tallar na nuna kamar akwai haɗin gwiwa ko ɗaukar nauyi, abin da a Amurka da Turai sanannun alamomi ke da ƙarin kariya a kansa. Da a ce takalmi ko kayan wasanni matar ke sayarwa, da labarin ya sha bamban, kuma rage ratsi ko ƙara shi ba ya ceto. A 2008 a Amurka aka yanke wa kantin takalma na Payless kimanin dala miliyan 305 saboda takalma masu ratsi biyu da masu huɗu, kafin alƙali ya rage kuɗin zuwa wajen miliyan 65. Gaskiya ne Adidas ba kullum yake ci ba, don a 2023 ya faɗi a ƙarar da ya kai mai ɗinki Thom Browne kan ratsi huɗu. Sai dai Thom Browne yana da kuɗin da zai riƙe lauyoyi har a gama.

Akwai kuma wani abu da na'ura ke yi wanda kyamara ba ta yi. Takan zana tambari a karkace: harafi ya ɓace, ratsi ya narke, alama ta fito rabi. Masu zane kan ce ai ba tambarin ba ne tunda ya lalace. Doka ba ta neman sai ya zama kwafi daidai, kama mai ruɗarwa ta isa, kuma mai alamar zai ƙara da cewa an muzanta masa ita. Wani lokaci ma tambarin kan fito ba tare da an kira shi ba. A shari'ar da kamfanin hotuna na Getty Images ya yi da Stability AI a Landan, wadda aka yanke a Nuwamban 2025, Getty ya rasa mafi yawan abin da ya nema, amma alƙaliyar ta yarda cewa a wasu tsofaffin nau'o'in manhajar tambarin da Getty ke bugawa a jikin hotunansa ya riƙa fitowa a hotunan da aka ƙirƙira, kuma hakan keta alama ne, ko da yake a taƙaice ƙwarai. In ka rubuta ɗan ƙwallo a filin wasa kawai, na'urar za ta iya manna masa wata alama a ƙirji, don haka ta saba gani.

Ba kowane suna ne tarko ba, kada abin ya zama tsoron banza. Masu zane kan rubuta sunan kyamara ko na fim ɗin ɗaukar hoto, kamar Canon ko Kodak Portra, don su sami wani irin haske da launi. Sunan ba ya fitowa a hoton, babu kuma mai sayen da zai zaci Kodak ne ya ɗauki nauyin zoɓo. Haka mai shagon da ke sayar da ainihin wayoyin Samsung a Farm Centre yana da damar faɗin abin da yake sayarwa. Inda zai yi kuskure shi ne ya sa na'ura ta zana masa wayar, ta ba ta kyamara huɗu alhali uku gare ta. Shi ya ɗauki hoton kayan da ke kan kantarsa.

Wa zai biya?

Amsar da matar za ta fara bayarwa ita ce na'ura ce ta yi, mai zanen kuma zai ce ai manhajar ba ta hana shi ba. Wasu manhajojin suna ƙin zana fitattun mutane, wasu suna yarda, kuma ƙa'idarsu tana sauyawa daga wata zuwa wata. Yardar manhaja ba izinin mai fuska ba ce. Manyan kamfanoni suna can suna fafatawa da masu manhajojin: a Yunin 2025 Disney da Universal suka kai Midjourney ƙara a Los Angeles kan zana irin su Darth Vader da Shrek. Wannan rigimar tasu ce. Wanda ya zaɓi hoto, ya ɗora sunan kamfaninsa, ya biya aka yaɗa, shi ne ya wallafa talla, shi ne kuma mai adireshi da lambar waya a jikinta.

Wasu za su ce ai kamfanonin nan sun yi alƙawarin tsaya wa abokan cinikinsu in an kai su ƙara. Akwai irin wannan alƙawari, amma yawanci na masu asusun kamfani ne ba na kyauta ba, kuma a karanta togaciyar. A sharuɗɗan OpenAI, misali, alƙawarin ba ya aiki idan mai amfani ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa abin da ya fito ya taka haƙƙin wani, ko bai da ikon amfani da abin da ya loda, ko kuma ƙarar ta alamar kasuwanci ce da ta taso daga amfani da abin a harkar ciniki. Wanda ya buga sunan kamfani da hannunsa sannan ya yi talla da hoton ya faɗa cikin togaciya biyu a lokaci guda.

Kafin ma a kai ga kotu akwai masu tsaron ƙofa biyu. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON, wadda ta gaji APCON, ta ce a kai talla a tantance kafin a fitar da ita, hukumar kuma ta nace cewa har da ta kafafen sada zumunta. A kan haka ne ta kai kamfanin Meta ƙara a 2022 tana neman naira biliyan 30. Daga 1 ga Oktoban 2022 kuma ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a matsayin fuskar talla ko muryarta a tallace-tallacen da ake yi wa 'yan Najeriya, don haka wanda ya ce bari ya guje wa taurarin gida ya sa na Turai ya ƙara wa kansa tambaya ne. Na biyu shi ne dandalin kansa. Mai alama ko wakilin tauraro zai cike fom ɗin koke, a sauke tallar, in abin ya maimaitu a rufe asusun talla gaba ɗaya. Ga ƙaramin ɗan kasuwa da duk cinikinsa ta shafin ke zuwa, wannan hukunci ya fi na kotu saurin isowa. Dandalin sun ƙara tsanani tun bayan da 'yan damfara suka addabi mutane da fuskokin bogi, kamar tallar inshorar haƙori da Tom Hanks ya fito a 2023 ya ce ba shi ba ne. A Nijar, Kamaru da Chadi kuwa rajistar alama ta ƙungiyar OAPI ce mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta game ƙasashe 17, kuma tsarin dokar da suka gada daga Faransa ya ɗauki izinin mutum kan hotonsa da muhimmanci ko da ba sananne ba ne. Tallar intanet da aka saita ta isa Maraɗi da Damagaram ta shiga ƙarƙashin wannan ma.

Gyaran bai da wuya. Abin da mai zanen ke nema a wurin sunayen nan uku shi ne kuzari, da tsafta, da alamar tsada, kuma duk ana iya kwatanta su:

```
cheerful athletic man in his twenties, plain maroon tracksuit,
cold drink in hand, floodlit pitch, advertising photo
--no logo, text, stripes, numbers
```

Layin ƙarshe salon Midjourney ne na faɗin abin da ba a so, wasu manhajojin kuma suna da akwati na daban don haka. A nan ya kamata a sa shi, domin in ka rubuta kalmar tambari a tsakiyar umarni, ko da kana cewa ba ka so, wani lokaci na'urar kalmar kawai take kamawa ta zana maka shi. Kwalbar kuwa kada a bar wa na'ura: a ɗauki hoton ainihin gorar zoɓon da lakabinta, a ɗora a hannun mutumin. Launin rigar ma an kauce wa koren ƙungiyar ƙasa da gangan.

Bayan hoto ya fito, a buɗe shi a babban allo a zuƙo shi sosai, a bi ƙirjin riga, da gefen takalmi, da agogo, da allunan gefen fili, da rigunan 'yan kallo, don nan ne tambura ke ɓuya. A saka hoton a Google Lens a ga ko zai haɗa shi da wani sananne. Sannan a nuna wa mutum huɗu ko biyar da ba su san yadda aka yi shi ba, a tambaye su wa suka gani, kayan wane kamfani ne a jikinsa. In biyu suka ambaci suna ɗaya, a sake hoton, domin tambayar da alƙali zai yi ke nan. Umarnin da aka yi amfani da shi a adana shi tare da kwanan wata; tsaftataccen umarni shaida ce a hannun mai talla cewa bai nufi kowa ba. Matar kuma ta sa a takardar aikinta da mai zane cewa zai miƙa mata umarnin da duk hoton da ya loda, tunda sunanta ne a kan tallar.

In kuwa tauraron ake so da gaske, a je wurinsa ko wurin manajansa. Jaruman Kannywood da mawaƙa da 'yan ƙwallon gida suna yin tallar ƙananan kamfanoni kullum, farashin kuma ana ciniki. Takardar izinin ta faɗi kayan da za a tallata, da wuraren da tallar za ta fita, da tsawon lokaci, sannan ta faɗi a fili ko an yarda a sarrafa hotonsa da na'ura a ƙirƙiri sababbi, domin wanda ya amince a ɗauke shi hoto uku bai amince a yi masa talatin da bai gani ba. A tambaye shi ko yana da yarjejeniya da wani kamfanin abin sha da ta hana shi tallata irinsa. Ranar ɗaukar hoto kuma ya zo da rigar da ba ta kulob ba, saboda bajen kulob da tambarin masu ɗaukar nauyinsa ba nasa ba ne balle ya ba da izininsu.